Jumlar daidaito mai ɗauke da x a cikin pawa da wajenta

A jumlar daidaito irin eˣ = 3x, inda e adadi ne tsayayye mai kimanin 2.718, adadin da ake nema yana zaune a wuri biyu: a sama cikin pawa, da kuma a ƙasa. Aljabra ta yau da kullum ba ta iya ware shi gefe ɗaya. Ko an ɗauki logaridim, abin da ke fitowa shi ne x = ln 3 + ln x, wato x yana nan hagu da dama. Akwai aikin lissafi mai suna Lambert W, wanda ya samo asali daga binciken Lambert a 1758 da na Euler bayansa, da ake rubuta amsar da shi, amma shi ma da kusanto ake ƙididdige shi.

Matakin farko shi ne gano inda amsa take. A rubuta f(x) = eˣ − 3x; amsa tana inda f(x) = 0. Sai a ga f(0) = 1, f(1) ≈ −0.282, f(2) ≈ 1.389. Alamar + da − ta f ta juya sau biyu, don haka amsoshi biyu ne: ɗaya tsakanin 0 da 1, ɗaya tsakanin 1 da 2. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan sami guda ya ɗauka ya gama.

Daga nan sai hanyar Newton da Raphson, wadda ke bin gangarar layin f(x) a zane, f′(x) = eˣ − 3. Kowane sabon ƙiyasi shi ne x − f(x)/f′(x). Idan aka fara da 0, za a sami 0.5, sai 0.61006, sai 0.618997, sai 0.619061. In an kusa, yawan lambobin da suka yi daidai yakan kusan ninkawa a kowane zagaye. Farawa da 2 kuma yana kaiwa ga amsa ta biyu, 1.512135.

Matsalar tana wurin da gangara ta zama sifili, wato x = ln 3 ≈ 1.0986. A fara da 1.1 a gani: f ≈ −0.2958, amma f′ ≈ 0.0042 kacal. Rabawa da ɗan ƙaramin adadi haka yana jefa ƙiyasin zuwa wajen 72. A can eˣ ya danne komai, kowane zagaye yana rage kusan 1 kawai, sai an yi zagaye kimanin 70 kafin a dawo. Abin da ke nuna matsalar shi ne ƙiyasi ya fita daga tazarar da aka gano tun farko. Idan haka ta faru, gara a koma raba tazara biyu, ana riƙe rabin da alama ta juya a cikinsa. Wannan hanya tana da jinkiri, domin zagaye 20 ne ke matse tazarar 1 zuwa ƙasa da 0.000001, amma ba ta ɓacewa.

Sauya 3 da wani adadi k yana sauya labarin. Idan k yana tsakanin 0 da e ≈ 2.718, babu amsa ko ɗaya, kuma Newton zai yi ta yawo. Idan k = e daidai, amsoshin biyu sun haɗe a x = 1: alama ba ta juyawa, raba tazara ba ya aiki, Newton kuma rabin kuskure kawai yake ragewa a kowane zagaye.