Ba man shafawa ne kullum ke kawo jan kurjin fuska ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk jan kurjin da ya fito a kumatun mace, man bilicin ne ko zafin rana ya ƙona ta, don haka sai a ce ta canza mai. Wani lokaci haka ne, amma akwai kurjin da ke shimfiɗuwa a kumatu biyu ya haye karan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikansa, kuma yakan tsallake layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa baki. A baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, yana iya yin duhu.

Idan kurjin yana ƙaruwa bayan an shiga rana, kuma ga ciwo da kumburin gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, musamman da safe, to ana zargin cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke afka wa jikin mai ita. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ta fi kama mata masu shekarun haihuwa.

Kurjin kaɗai ba ya tabbatar da ita. Likita zai auna jini, ya kuma duba fitsari, domin cutar tana iya taɓa ƙoda tun kafin mai ita ta ji komai.