Waiwaye: murzuna, feshi da ɗan zanzaron da ke zuwa a makare

Duk damina sai an yi wannan cacar bakin, a majalisar ƙofar gida, a bakin rumfar mai maganin feshi ranar kasuwa, daga Ɗambatta har Maigatari. Wani ya ce maganin yanzu duk jabu ne, wani ya ce a'a tsutsar ce ta saba da shi, mai rumfa kuma ya ce kai ne ba ka zuba murfi biyu ba, sai a koma a ƙara ƙarfinsa, a haɗa kala biyu a famfo ɗaya, tsutsa na nan tana cin abinta. Jabu akwai shi, sabawar ƙwari da magani ma gaskiya ce. Amma akwai ɓangare na uku da ba a cika kawowa ba, wato ƙwarin da ke cin ƙwari, kuma maganarsu ta girmi famfon feshin kansa.

A taƙaice dai, a 1888 manoman lemo a Kalifoniya sun kusa sare bishiyoyinsu saboda wani ƙwaro mai farin gashi da ke tsotse su, aka je Ostireliya aka ɗauko ɗan ƙaramin ƙwaron nan mai zagayayyen baya ja da baƙi, ɗan uwan wanda muke gani a ganyen wake, cikin shekara biyu ya share matsalar. Da aka shigo da maganin feshi na DDT bayan yaƙin duniya na biyu aka fesa a gonakin, mai jan bayan ya mutu, annobar ta dawo. A nan gida kuma wani ƙwaro daga Kudancin Amurka ya shigo wa rogo a shekarun 1970, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta saki wani ɗan mitsitsin zanzaro a 1981, ya bazu ƙasa bayan ƙasa har rogo ya farfaɗo. Waɗannan duk ɗalibin aikin gona ya san su. Wanda ba a faɗa shi ne na gero, alhali a nan maƙwabta ya faru, tafiyar 'yan awoyi daga Babura.

Tsutsar zangarniyar gero, wadda 'yan Nijar ke ce wa murzuna, 'yar gida ce, ba baƙuwa ba. Tana nan tun da, ba wanda ya damu da ita, sai bayan farin 1972 zuwa 1974 ta zama annoba a yankin Sahel, daga Sanagal har arewacin Najeriya. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, yana fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka, daidai lokacin da gero ke fitar da kai, ya bi sababbin zangarniyoyi yana saka ƙwai. Cikin kwana uku zuwa biyar sun ƙyanƙyashe. Tsutsar tana ƙarama fure take ci, in ta girma sai ta shige ƙarƙashin tsaba tana yanke 'yan sililin da ke riƙe da ita tana zagaya zangarniya, shi ya sa za ka ga layi ya murɗe daga ƙasa zuwa sama, wurin ba ƙwaya ko ɗaya. Bayan kusan wata guda ta sauko ta shige ƙasa, ta kwana can duk rani. Zuwa ɗaya take yi a shekara, amma in ta kama gona da kyau tana iya tafiya da fiye da rabin amfanin.

To ka duba yadda feshi yake da ita. Geron ya fi ka tsayi, kana ɗaga hannu maganin na dawo maka a fuska, ita kuma tana lulluɓe a ƙarƙashin tsaba, abin da zai taɓa ta kaɗan ne. Wanda ke yawo a fili a kan zangarniya yana nemanta, shi maganin ke fara samu. A Sanagal masu bincike sun auna wannan, gonakin geron da aka yi wa feshin fara daga baya murzuna ta fi yawa a cikinsu, don an kashe masu cinta ita kuma ba a same ta ba.

Babban maƙiyinta wani ɗan zanzaro ne da masana ke kira habrobrakon hebeto, tsawonsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, in ka gan shi za ka ce ɗan ƙuda ne, kuma ba ya harbin mutum. Macen ce ke aikin. Ta sami tsutsa ta harbe ta, dafin ya shanye mata jiki ta daina motsi ta daina ci, sai ta saka ƙwai a jikinta daga waje, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse ta, su saƙa 'yan fararen gidaje a gefenta, cikin kwana goma ko kusa da haka sababbi sun fito sun shiga farauta. Shi ma ɗan gida ne, ba wanda ya kawo shi a jirgi. To me ya hana shi gamawa da murzuna tuntuni?

A nan ne gaɓar da nake ganin an tsallake a duk wannan muhawara tamu. Da masu bincike suka riƙa buɗe zangarniyoyi suna ƙirga tsutsar da ya harba, sai suka ga yana kashe ta sosai, amma a ƙarshen damina, bayan ta gama ɓarnar. Dalili kuwa rani. Wata bakwai ko takwas ba murzuna a sama, zafi da bushewa su ƙarar da yawancinsu, 'yan kaɗan ne ke tsira suna rayuwa a kan tsutsar hatsi a rumbuna, in damina ta faɗi kafin su hayayyafa su yi yawa gero ya riga ya bushe. Ke nan makara ce matsalarsa, ba rashin ƙarfi ba. Daga nan tunanin ya juya, maimakon neman sabon magani ko ɗauko wani ƙwaro daga ƙasar waje, a kiwata na gidan a ɗaki lokacin rani a sake shi da wuri. An fara gwadawa a Sanagal tun shekarun 1980, amma abin bai kai hannun manoma sosai ba sai daga 2006, da masu bincike a Nijar da Burkina Faso da Mali suka haɗu a kansa, Maraɗi na cikin manyan wuraren aikin.

Abin da suka ƙarke a kai ba wata na'ura ba ce, 'yar jaka ce ta algarara, santimita 7 a 10. A zuba gero giram 50 da garin gero giram 30, a sa tsutsar hatsi guda 25, irin wadda ke saƙa yana a buhun shinkafa ko gero, don ita ce ke da sauƙin kiwo a ɗaki, sannan a sa macen zanzaron guda biyu da suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure. Matan biyu su harbe tsutsotsin su yi ƙwai, daga kwana na takwas 'ya'ya su fara fita ta ramukan saƙar algarara, jaka ɗaya tana ba da kamar 60 zuwa 70, ba rana ɗaya ba, a hankali cikin mako biyu ko uku. Ƙauye ɗaya jaka 15, uku a tsakiya, uku-uku gabas, yamma, kudu da arewa. Ka lissafa, wajen dubu ɗaya ke nan. In ka kwatanta da faɗin gonakin ƙauye dubu ba komai ba ne, sirrin shi ne duk kwana goma sabon zubi na fitowa daga jikin murzunar kanta, ita sau ɗaya take haihuwa a shekara, shi kuma zai juya sau biyu ko uku a kanta kafin ta sauka ƙasa. A ƙauyukan da aka saki an sha samun kashi 80 cikin 100 ko fiye na tsutsar a mace, kuma wani awo da aka yi a Nijar ya nuna ƙarin amfani kamar kashi ɗaya cikin uku.

Yadda za ka gane ya yi aiki, bayan kamar wata guda da rataye jaka ka kama zangarniya mai layin murzuna ka buɗa tsabar da yatsa. Tsutsa mai rai za ta murɗe ta nemi gudu. Wadda aka harba tana kwance laƙwas, daga baya ta yi baƙi ta motse, a gefenta ga 'yan fararen gidajen nan a jere. Wallahi na sha ganin manomi ya ga waɗannan ya ce ai ƙwan tsutsa ne, ya murje su da yatsa, ko ya tafi neman famfo.

Abin na da inda yake lalacewa, kar a ce ban faɗa ba. Lokaci ne kan gaba, ana rataye jaka ne in gero ya fara fitar da kai, don fitowar zanzaron ta dace da girman tsutsar, in ka jira sai ka ga layi ya cika gona ka koma gidan jiya, ka makara kamar yadda shi ma yake makara. Tururuwa da cinnaka na shiga jaka su cinye komai, ruwa in ya jiƙa garin sai ya yi fumfuna, shi ya sa ake rataye ta a inuwa da ɗan abin kare ruwa a kai. In an ɗauko jakunkuna a bayan mashin cikin rana a leda, matan biyu na iya mutuwa a hanya, ka rataye gero kawai. Kuma rani zai sake ƙarar da su, don haka ba kamar na rogo ba ne da in an saki ya zauna ke nan. Sannan murzuna ake nufi da shi, ba zai taɓa fara ba, ba zai taɓa tsuntsu ba.

Sai kuma waken da muke shukawa a tsakanin gero. Mutum ya ga darɓa ta ɗan taru a kan wake tun yana ƙarami sai ya fesa gonar gaba ɗaya, alhali in ya duba a cikin darɓar akwai mai jan bayan nan da 'ya'yansa, 'yan baƙaƙe dogaye masu ɗigon ruwan goro kamar ɗan kada, kowanne na cin darɓa gommai a yini. Darɓa haihuwa take ba ƙwai ba, cikin mako guda 'yar ta fara haihuwa, shi kuma mai cinta sai ya yi mako uku ko huɗu kafin ya zagayo, to bayan feshi wa zai riga dawowa? Wannan ne manomi ke gani ya ce magani jabu ne. Ba cewa nake a bar wake ba feshi ba, in ya fara fure da 'ya'ya ƙwarinsa sun fi ƙarfin a zuba ido, amma feshin da aka yi a gonar gero mako guda bayan rataye jaka ya tafi da kuɗin jakar.

Wahalar da ta fi duka ba ta kimiyya ba ce. Zanzaron bai san iyakar gona ba, yana tafiya kilomita uku zuwa biyar, in Malam Audu ya saya ya rataye a gonarsa, Malam Sale na gefe ya amfana kyauta, in kuma Malam Sale ya yi feshi Malam Audu ya yi asara. A Nijar da aikin ya fita daga hannun masu bincike ya koma na ƙungiyoyin manoma da masu ƙananan ɗakunan kiwo da ke sayar da jaka, a kan wannan aka fi tuntuɓe, dole sai dai ƙauye ya yi karo-karo ya sayi jaka 15 ɗin tare, a kuma yarda da makonnin da ba mai ɗaukar famfo ya shiga gero.