Wake da Shinkafa a Abincin Ɗalibi

Wake da shinkafa, wanda ake kira garau-garau idan an ci shi da mai da yaji, yana cikin girke-girken da ɗaliban da ke zaune nesa da gida suka fi dogaro da su a makarantun gaba da sakandare na ƙasar Hausa. Kayansa ba sa lalacewa da wuri, tukunya ɗaya ta ishe shi, kuma wake ba baƙo ba ne a kasuwa, domin Nijeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noma shi.

Abin da ya ɗaukaka shi a kan jiƙon garin rogo ko taliyar leda shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. Busasshen wake na ɗauke da furotin kimanin kashi 23 cikin ɗari, shinkafa kuwa kashi 7 ne kawai. Sai dai ba yawa kaɗai ake dubawa ba. Furotin ɗin shinkafa da sauran hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna lisin, wanda wake ke da shi a wadace. Shi ma waken yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke cike masa. Saboda haka idan aka haɗa su, jiki ya fi amfana da su fiye da a ci ɗaya a bar ɗaya. Haka abin yake ga ƙosai da koko.

A ɗauki ɗalibi mai nauyin kilo 60. Yana buƙatar furotin kusan giram 50 a yini. Gwangwanin madara ɗaya na wake, wato giram 120 ko sama da haka kaɗan, zai ba shi kusan giram 28. Gwangwani ɗaya na shinkafa zai ƙara kusan 9. Wannan tukunya za ta yi masa rana da dare. Ragowar furotin ɗin kuwa dafaffen ƙwai ɗaya, mai giram 6, da ɗan ƙuli-ƙuli ko awara sun isa su cike. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba shinkafa gwangwani uku a watsa wake tafin hannu ɗaya don ado. Irin wannan kwano shinkafa ce kawai, ko da an kira ta da wani suna.

Duk da haka garau-garau tsurarsa bai cika ba. Wake na da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, amma jiki ba ya zuƙarsa sosai sai da bitamin C. Nan ne amfanin ɗanyen tumatir da kabeji, ko matsin lemon tsami, ya fito. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka ya fi kyau a bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci. Wannan ya fi shafar ɗalibai mata, waɗanda ke rasa jini kowane wata. Yawan kasala, jiri da cikin fatar ido ya yi fari na iya zama alamar ƙarancin jini, kuma gwaji a asibitin makaranta ne ke tabbatarwa. Cokali ɗaya na manja yana kawo sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba. Kwaɗon zogale ma na yin wannan aiki.

Babbar matsalar wake ita ce cin makamashi. Masu gaggawa kan jefa kanwa don ya yi laushi da wuri, kuma yana yi, amma kanwar na lalata wani ɓangare na bitamin B1. Hanyar da ta fi ita ce a jiƙa waken tun dare, ko kafin fita lacca, na awa shida zuwa takwas, a zubar da ruwan a dafa da sabo. Gas ko kananzir ya ragu, kumburin ciki ma ya yi sauƙi. Sai waken ya kusa nuna ake zuba shinkafa, in ba haka ba ta caɓe shi yana nan da tauri.

Ajiya ma na da nata sharaɗi. Dafaffiyar shinkafa da ta yini a ɗaki mai zafi kan tara gubar wasu ƙwayoyin cuta, kuma ɗumame ba ya kashe wannan guba, ga shi ba lallai ta yi wari ba. Wanda ba shi da firji gara ya raba girkin: ya dafa waken duka, ya sake tafasa rabon dare sosai, ya dafa shinkafar kowane ci daban, ko ya haɗa tukunya da abokin ɗaki su cinye nan take. Busasshen wake kuwa a shanya shi a rana, a zuba a jarka mai murfin da iska ba ta shiga, domin ƙwari kan mayar da shi gari cikin 'yan watanni. Waken da ke warin maganin feshi a bar wa mai shi, haka ma gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna ko ɗaci.