Kaya sun iso, tsabar kuɗi babu: yadda lambar QR ta mai kawo kaya ke aiki a bakin ƙofa

Na yi oda a kan zan biya tsaba idan an kawo. Mai babur ya iso, aljihuna wayam, sai ya nuna mini lambar QR a wayarsa. Idan na biya ta nan, ina kuɗin ke zuwa?

Asusun kamfanin da ya turo shi suke zuwa, ba aljihunsa ba. Kafin a kai ga nan, ka san cewa tun da ya ɗauko kayanka daga ɗakin ajiya an rubuta kuɗinsu a kansa. A wajen kamfani, duk odar da za a biya tsaba tamkar bashi ce a wuyan mai kawo kaya, sai ya dawo ya zube kuɗin a sauke masa.

Da ka ce ta waya za ka biya, zai buɗe odarka a manhajarsa ya canza hanyar biya. Manhajar sai ta nemi sabuwar lambar QR daga kamfanin da ke sarrafa musu biyan kuɗi. Waɗannan ɗigo-ɗigon baƙi da fari rubutu ne kawai da kyamara ke iya karantawa, kuma abin da ke ciki bai da yawa: sunan ɗan kasuwa, inda kuɗin za su sauka, adadinsu, da lambar odarka. Kai kuma ka buɗe manhajar bankinka, ka haska lambar da kyamara, suna da adadi su fito da kansu, ka sa lambar sirrinka.

Sauran aikin ba a gabanka ake yi ba. Bankinka ya cire kuɗin, mai sarrafa biya ya aika wa na'urar kamfani saƙo cewa oda mai lamba kaza an biya ta, na'urar ta mayar da odar daga ta tsaba zuwa wadda aka biya, ta goge bashin daga kan mai babur, sannan wayarsa ta nuna masa ya miƙa kaya. Idan sabis na da kyau, kafin ya gama kwance igiyar akwati an gama.

Wani a waya yake nuna lambar, wani kuma kati ne ya rataya a wuya. Duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma yawancin rigimar bakin ƙofa daga nan take tasowa. Ta jikin kati ba ta canzawa. An buga ta sau ɗaya, ita ake nuna wa kowa daga safe har dare, don haka ba ta san adadin kuɗinka ba, ba ta san odarka ba. Kai za ka rubuta adadin da hannunka, kuma sifili ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, magana ta canza. Kuɗin za su shiga asusun kamfani lafiya lau, amma ba su da alamar ko na wace oda ne. Idan mutum uku suka biya adadi iri ɗaya cikin awa guda, sai wani a ofis ya zauna yana gwada lokaci da sunaye kafin a san na wane ne wane. Shi ya sa masu kati ke roƙon ka rubuta lambar oda a gurbin bayani, ko su ɗauki hoton rasit ɗinka.

Ta waya kuwa don odarka kaɗai aka haife ta, kuma tana mutuwa bayan 'yan mintoci ko da zarar an biya. Ƙa'idar da EMVCo, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin biyan kuɗi ta kati da waya, ta fitar a 2017 ta ma ware gurbi na musamman don bambance su: `11` na nufin lambar da ake maimaitawa, `12` kuma ta biya ɗaya. Ni dai in an ba ni zaɓi, ta waya zan ɗauka ko da zan jira minti biyu sabis ya dawo.

An cire kuɗi a asusuna, ga alat, amma wayarsa ba ta nuna komai ba. Ya ce ba zai ba ni kaya ba. Wa ke da gaskiya?

Ku duka biyun. Alat ɗinka shaida ce cewa kuɗi sun bar asusunka, ba shaida ce cewa sun isa ba. Shi kuma idan ya saki kaya alhali odar na nan a matsayin ta tsaba, da yamma shi za a tsare da lissafi. Ga kuma masu nuna hoton rasit na bogi, ko tsohon rasit da aka gyara wa kwanan wata. Wanda aka taɓa yi wa haka sau ɗaya, ko rantsuwa ka yi wayarsa zai duba.

A ce ka biya da ƙarfe 2:14. Da 2:17 wayarsa shiru. Fara da duba tarihin cinikinka a manhajar banki, domin hali uku ne kacal. Idan an rubuta ya yi nasara, kuɗi sun isa, saƙon da zai sanar da wayarsa ne ya maƙale. Ya sabunta shafin odar, ko ya matsa inda sabis ya fi ƙarfi, galibi zai fito. Idan bai fito ba, ka karanta masa lambar shaidar cinikin da ke kan rasit, ya kira ofis su nemo ta. Da ita ake gano kuɗi, ba da hoton allo ba. Idan an rubuta ya gaza, kuɗinka za su dawo, ya fito maka da sabuwar lamba.

Na ukun shi ne mai wahala: idan an rubuta ana kan aiki. Kuɗin sun tashi ba su sauka ba, za su iya ƙarasawa, za su iya dawowa. A nan mutane ke ƙosawa su shiga gida su haɗo tsaba su biya, can da 2:40 na farkon ya wuce, an biya oda ɗaya sau biyu. Za a iya dawo maka da rarar, amma aikin kwanaki ne da kiraye-kirayen waya. In dole sai ka biya tsaba, ka tsaya a kansa ya rubuta a manhaja cewa tsaba ya karɓa, ka kuma adana lambar shaidar biyan farko.

Yaya zan gane ba asusun kansa yake nuna mini ba?

Karanta sunan da ya fito kafin ka sa lambar sirri. Ya kamata ka ga sunan kamfani ko na mai sarrafa musu biya. Idan sunan mutum ne, dakata. Ba lallai cuta ba ce, wasu kan karɓa a asusunsu sannan su zuba wa kamfani tsaba daga baya. Sai dai a littafin kamfani odarka na nan ba a biya ba har sai shi ya rufe ta, kuma idan kayan suka zo da matsala, rasit ɗin da ke hannunka bai ambaci kamfanin ba balle ka kafa hujja da shi. Mai kati kuma, shafa ka ji ko an manna wata takarda a kan ta asali.

Zan iya ba da rabi tsaba, rabi ta waya?

Sai in manhajarsa ta yarda da haka. Lambar da ke ɗauke da adadi ba ta karɓar ragi, dole shi ya shigar da abin da ya karɓa a hannu, ta fito da wata sabuwa ta ragowar.

Kyamarata ta ƙi karanta lambar.

Ya ƙara hasken allonsa, ku koma inuwa, ka ɗan ja wayarka baya. Lambar QR na jure lalacewa, a mataki mafi ƙarfi har kusan kashi 30 cikin 100, tunda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro ta ne a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Amma murabba'ai ukun nan na kusurwoyi da su kyamara ke gane ta. Idan tsagewar gilashin wayarsa ta bi ta kan ɗaya, ko yatsansa ya rufe shi, ya matsar da lambar zuwa inda allon ke da lafiya.