Tantance Tamowa Lokacin Kwantar da Majinyaci: Ma'aunin MUST da Ma'anar Makinsa

Tantance tamowa shi ne gajeren binciken da nas ke yi wa majinyaci cikin awa 24 da ba shi gado, domin a ware wanda ke buƙatar ganin masanin abinci. Ma'aunan suna da yawa, kuma abin da ke zaɓar wanda za a yi amfani da shi shi ne shekarun majinyaci da kayan awon da ke ɗakin. Idan babu sikeli a kusa, ma'aunin da ake kira MST ya wadatar, domin tambaya biyu ce kawai kan rama da raguwar cin abinci, kuma maki 2 ko fiye na nufin a tura majinyaci ga masanin abinci. Ga wanda ya kai shekara 65 akwai ma'aunin MNA-SF, sai dai lissafinsa a juye yake: maki 12 zuwa 14 lafiya ne, 7 zuwa ƙasa kuwa tamowa ce. Wanda ya saba da sauran ma'aunan yakan yi kuskure a nan.

Ga manya gaba ɗaya, MUST, wanda ƙungiyar BAPEN ta Birtaniya ta fitar a 2003, ya fi sauƙin bi. Abu uku yake haɗawa. Na farko BMI, wato nauyi da kilo a raba da tsawo da mita sau kansa: sama da 20 babu maki, 18.5 zuwa 20 maki 1, ƙasa da haka maki 2. Na biyu ramar da ba da gangan ba cikin wata uku zuwa shida: kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari maki 1, fiye da haka maki 2. Na uku, ana ƙara maki 2 idan ciwo mai tsanani ya hana cin abinci, ko zai hana, fiye da kwana biyar.

Misali, an kwantar da ɗan kasuwa daga Kurmi mai tsawon mita 1.70, nauyinsa kilo 55, alhali wata huɗu baya kilo 62 ne. BMI ɗinsa 19, maki 1 ke nan. Kilo 7 da ya zubar ya kai kashi 11, maki 2. Jimla 3, don haka a tura shi ga masanin abinci ba tare da jira ba, kamar duk mai maki 2 ko fiye. Mai maki 1 ana rubuta abin da ya ci na kwana uku, a tura shi idan cin bai inganta ba. Mai sifili ana sake auna shi duk mako.

Inda lissafin ke ruɗi shi ne kumburi. Mai ciwon hanta da ruwa ya tarar masa a ciki, ko mai kumburin ƙafa saboda ƙoda ko zuciya, sikeli zai nuna shi da nauyi alhali tsokarsa ta zube. A nan a auna kaurin tsakiyar dantse: ƙasa da santimita 23.5 alama ce BMI bai kai 20 ba. Kuma da yake marasa lafiya da yawa ba su san nauyinsu na baya ba, sai a tambayi mai jinya ko wando ya fara yi masa yawa, ko zobe na zamewa daga yatsa.