Jeranta tarihi bisa shekaru

Jeranta tarihi bisa shekaru hanya ce ta warware labarin da aka ba da a dunƙule, a fitar da aukuwa ɗaya-ɗaya, kowace da shekararta a gabanta. Tarihin sarakunan Damagaram ya dace da misali, domin yawancinsa daga bakin maroƙa da dattawan fada aka samo shi, su kuwa da tsawon mulki suke ƙirga zamani.

Kafa turke

Ana fara neman aukuwar da wani ya rubuta ranarta a lokacin da ta faru. A Zinder, babban birnin Damagaram, akwai zuwan matafiyi Bajamushe Barth a ƙarshen 1852, da kisan Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a watan Mayu 1898, da yaƙin Tirmini tsakanin Damagaram da Faransawa a watan Yuli 1899. Daga nan ake lissafi da baya. Sarki Amadu Kuren Daga ya rasu a 1899 bayan kimanin shekara 6 a kan gado, ke nan ya hau wajen 1893. Wanda ya gabace shi, Sulaiman ɗan Aisa, ya yi kamar 9, sai a faɗo 1884, shekarar rasuwar Sarki Tanimun.

Inda lissafi ke karkacewa

Babban tarko shi ne sarkin da ya hau sau biyu. Tanimun da ɗan'uwansa Ibrahim sun yi ta karɓe sarauta a tsakaninsu, mai ba da labari kuwa yakan ambaci kowanne sau ɗaya. Jerin da aka fi bi shi ne:

- wajen 1822–1841: Ibrahim
- wajen 1841–1843: Tanimun
- wajen 1843–1851: Ibrahim ya dawo
- wajen 1851–1884: Tanimun, karo na biyu

Wanda ya haɗe mulkin Tanimun na farko da na biyu ya cire shekara 35 daga 1884 zai ɗora shi a 1849. Ana gane kuskuren daga zuwan Richardson, matafiyi ɗan Ingila, Zinder a farkon 1851, wanda ya tarar da Ibrahim a kan mulki. Haka kuma masu labari kan cike watanni su zama shekara, kuskuren yana taruwa yayin da ake komawa baya. Shi ya sa ake sa "wajen" a tsofaffin shekaru. Kafuwar daular ma an saɓa: wasu 1731, wasu 1736.

Hijira da Miladiyya

Takardun malamai da shekarar Hijira suke zuwa. Ana kintata ta haka:

```
M ≈ (H × 0.97) + 622
```

Shekarar Hijira takan ratsa biyu na Miladiyya. 1316 ta kama daga ƙarshen Mayu 1898 zuwa Mayu 1899, don haka ana rubuta 1898/99 in ba a ambaci wata ba. Kisan Cazemajou ya faɗa a ƙarshen 1315, Tirmini kuma a 1317.

Zamanin Turawa

Shekarun nan ba su da gardama sosai: Zinder ta zama babban birnin Nijar a 1911, aka mayar da shi Yamai a 1926.