Me ake nufi da "sitires" na aiki?

A Legas kalmar ta zama ruwan dare. Ka tambayi mutum ya aiki, ya ce maka "sitires ne kawai". Wasu gajiya suke nufi, wasu damuwa, amma abin ya bambanta da su duka. Gajiya tana tafiya idan an yi barci. Sitires kuwa shiri ne da jiki ke yi idan ya hango haɗari: wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini. Wannan shiri yana da amfani idan danfo ya yo kanka a Oshodi. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta danfo da kiran oga, don haka idan matsin ya ɗauki watanni, sai shirin ya ƙi kwancewa.

Akwai wani ƙanena da ke zaune a Agege yana aikin akawu a wani kamfani a Apapa. Ƙarfe 4:30 na asuba yake tashi don ya riga gosulo, ba ya dawowa sai wajen 10 na dare. Da ya same ni, kuka uku ya kawo: ba ya barci, ƙirjinsa na zafi, kuma ya fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shi yana ganin cututtuka uku ne. Na ce masa, "Malam, zare ɗaya ne."

A ƙa'ida kotisol yana hawa da safe don ya tashe ka, ya yi ƙasa sosai wajen tsakar dare. Wanda ya kwanta yana lissafin kwantenar da ba ta fita ba, jikinsa a kwance yake amma a cikin shirin faɗa, shi ya sa yake farkawa ƙarfe 2 idonsa tar. Babba yana buƙatar barcin aƙalla awa 7, shi kuwa da ƙyar yake haɗa 4. Da yamma barci ya fara fizgarsa, sai ya tsaya wajen mai shayi ƙarfe 6 a haɗa masa neskafe mai kauri, ya ɗora goro. Kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikinsu, yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Ke nan ƙarfe 11, lokacin kwanciyarsa, rabin kofin nan yana nan daram.

Ciki ma a nan ya shigo. Jikin da ke shirin gudu yana janye jini daga hanji ya kai wa tsoka, narkewar abinci ta rikice: kumburi, wani ya kama gudawa, wani bayan gida ya ƙi fita. Ga shi yana wuni da yunwa, sai 10:30 ya cika ciki da tuwo ya miƙe a katifa, ruwan ciki mai tsami ya hauro maƙogwaro, shi ne zafin ƙirjin nan. Mutanenmu nan take sai su ce olsa. A gaskiya yawancin gyambon ciki daga ƙwayar cutar Helikobakta yake, ko daga magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak. Shi kuma kullum sai ya sayi irinsu a kemis saboda ciwon kai, ya haɗiya ba komai a cikinsa.

Saurin fushin ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙwaƙwalwar da ba ta samu barci ba, birkinta ne ke fara lalacewa.

Ban ce ya bar aiki ba, wa zai biya kuɗin haya? Abin da muka gyara kaɗan ne. Neskafe da goro suka tsaya daga azahar. Babban abincinsa ya koma ƙarfe 6 kafin ya baro Apapa, in ya iso gida sai ɗan kunu, don a samu awa 2 zuwa 3 tsakanin cin mai nauyi da kwanciya. Bayan sallar azahar yana ƙailula ta minti 20 a kujera. Kada ta wuce haka, in ba haka ba ta ci barcin dare. Kafin ya kwanta yana rubuta ayyukan gobe a takarda, ya ajiye wayar aiki a falo. A cikin mota kuma, maimakon ya yi ta duba saƙonni, yana jan numfashi a hankali, ya sa fitarwa ta fi shaƙa tsawo, domin hakan na rage bugun zuciya.

Awa 7 dai har yau bai kai ba, hanyar Apapa ba za ta bari ba, ranar Lahadi yake ɗan ramawa. Amma farkawar ƙarfe 2 ta ragu. Na kuma gaya masa inda dabarun gida suka tsaya: bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, rama ba dalili, ciwon ƙirji da ke sauka hannu, ko baƙin ciki da ya wuce sati 2 har mutum ya daina jin daɗin komai. Waɗannan na likita ne, kuma mai jini ko ciwon ƙirji ba ya jiran gari ya waye.